Malam, Ba Shekaru 43 Ne Za Su Hana Ka Koyon Kodin Ba: Kurakuran da Manya Suka Fi Yi

Malam, na karanta wasiƙarka har sau biyu. Ka ce shekarunka 43, kana koyar da lissafi a wata sakandare a Tudun Wada, kuma kai ne mai haɗa sakamakon jarrabawar makarantar a ƙarshen kowane zango. Sau biyu kana fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, wato kodin, kana ajiyewa. Kwanan baya ka je Samaru gyaran laftof, ka tarar da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sa'annin ɗanka na fari suna hirar kodin, ba ka fahimci ko rabin abin da suke faɗa ba, ka hau mota ka dawo gida kana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zan fara da inda shekaru suke da tasiri da gaske, don kada in yaudare ka. Akwai tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata, musamman na bankuna, da ke sa iyakar shekaru ƙasa da 30, kuma wannan ƙofar ta rufe maka. Lokacinka ma bai kai na saurayin da ba shi da cefane a wuya ba. Amma game da ko kanka zai ɗauka, ban ga alamar matsala a wasiƙarka ba. Abin da na gani shi ne hanyar da ka bi, kuma ita ce hanyar da mafi yawan manya ke bi su gaji.

Ka rubuta cewa ka kalli bidiyo na awa 12 a kan Python, ɗaya daga cikin yarukan kodin, ka cika littafi guda da rubutu, amma da ka buɗe kwamfuta sai ka rasa ta inda za ka fara. Wannan ne kuskure na farko, kuma malaman makaranta sun fi kowa faɗawa cikinsa, domin mun saba da cewa wanda ya saurara ya rubuta ya haddace, ya koya. Kai kanka ka san ɗalibin da yake gyaɗa kai lokacin da kake warware lissafi a allo, ka ba shi alli ya tsaya yana kallonka. Kodin ma haka yake. Gyaran shi ne kada ka bar bidiyo ya wuce minti 10 ba ka tsayar da shi ba. Ka rufe shi, ka buga abin da ka gani da hannunka ba tare da leƙe ba, sannan ka canza wani abu a ciki ka ga me zai faru. Idan ka zauna awa guda, aƙalla minti 40 su tafi a bugawa. Datarka ma za ta fi daɗewa.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, kuma a kansa nake so in daɗe. Babban mutum yakan shigo kodin kamar wanda ba shi da komai a hannu. Sai ya ajiye shekara 15 na sanin aikinsa, ya koma yana kwaikwayon wasan kwamfuta ko shafin sayar da takalma, don abin da mai bidiyon ya gina ke nan. Alhali kai kana da aikin da ke cinye maka darare kowane zango: makin gwaji, makin jarrabawa, jimla, daraja, matsayi a aji. Yaran Samaru sun fi ka saurin yatsu, amma ba su san me ake yi da ɗalibin da bai zauna gwaji na biyu ba, ko ɗalibai biyu da suka yi kunnen doki a matsayi na uku. Da tsohuwar zuma ake magani. Takardar sakamakon nan ita ce darasinka na farko.

Bari mu fara ta tare. A ce gwaji maki 40 ne, jarrabawa 60. Kusan duk mai farawa haka yake rubutawa:

```python
gwaji = input("Gwaji: ")
jarrabawa = input("Jarrabawa: ")
jimla = gwaji + jarrabawa
print(jimla)
```

Ka shigar da 28, ka shigar da 45, kana jiran 73, sai kwamfuta ta ba ka 2845. A nan ne mutum mai shekarunka yakan ce wa kansa, ka gani ko, abin ba nawa ba ne. Ɗan shekara 19 ma wannan 2845 ɗin yake samu, shi dai bai ɗauke shi a matsayin hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa ba. Dalilin mai sauƙi ne. Duk abin da `input()` ya karɓa, a matsayin rubutu yake ajiye shi, ko da lambobi ka buga. Alamar `+` kuwa idan ta shiga tsakanin rubutu biyu, manna su take yi wuri guda. Sai ka mayar da su lamba tukuna:

```python
gwaji = int(input("Gwaji: "))
jarrabawa = int(input("Jarrabawa: "))
```

Yanzu 73 za ta fito. Idan makarantarku na ba da rabin maki, kamar 28.5, to `int()` zai ƙi karɓa ya ce `ValueError`, sai ka sa `float()` a madadinsa.

Wannan ya kai mu ga kuskure na uku, wato gudun jan rubutun da ke fitowa idan aiki ya tsaya. Na sha ganin dattijo ya rufe laftof da zarar rubutun ya bayyana, kamar an tsawata masa a gaban jama'a. Saƙon nan taimako ne. Daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe yana faɗin irin kuskuren, na samansa kuma yana nuna lambar layin da abin ya faru. Da ka bar makin a matsayin rubutu ka yi ƙoƙarin gwada shi da 40, ga abin da za ka gani:

```
TypeError: '>=' not supported between instances of 'str' and 'int'
```

`str` rubutu ke nan, `int` cikakkiyar lamba. Kwamfuta cewa take ba za ta iya gwada rubutu da lamba ba. Ka ware shafi a littafin nan naka, duk saƙon da ka ci karo da shi ka rubuta shi da abin da ya jawo shi da yadda ka gyara. Cikin 'yan makonni za ka lura 'yan kaɗan ne ke ta maimaita kansu.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya fitar da saƙo ko kaɗan. Ɗauki darajojin da makarantu da yawa ke amfani da su: A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70 zuwa 74, har zuwa E8 daga 40 zuwa 44, F9 ƙasa da 40. Idan ka fara sharaɗinka daga ƙasa, ka ce wanda ya kai 40 a ba shi E8, sannan ka hau sama, to duk wanda ya ci jarrabawa E8 zai samu, har mai maki 90. Python yana duba sharuɗɗan ne daga na farko, ya tsaya a kan wanda ya fara dacewa, kuma 90 ta wuce 40. Dole a fara daga sama:

```python
if jimla >= 75:
    daraja = "A1"
elif jimla >= 70:
    daraja = "B2"
elif jimla >= 65:
    daraja = "B3"
```

A haka za ka ci gaba har F9. Hanyar gane ko ka yi daidai ita ce gwada makin da ke bakin iyaka: 39 da 40, 74 da 75. Idan 75 ta ba ka B2, ka rubuta `>` a inda ya kamata ka rubuta `>=`. Ka lura, wanda bai taɓa haɗa sakamako ba zai iya ganin aji guda da E8 ya wuce. Kai kuwa kallo ɗaya za ka yi wa takardar ka san akwai matsala. Wannan idon shi ne abin da shekarun suka ba ka, kuma masu ba da aiki suna biyan kuɗi a kansa.

Ka tambaye ni ko ka bar Python ka koma JavaScript, tunda wani ya ce maka shi ake yayi. Taura biyu ba sa taunuwa lokaci guda. Don aikin maki da tebura Python ya ishe ka, ka riƙe shi aƙalla wata shida. Abu ɗaya za ka kula da shi: idan ka ga darasi yana rubuta `print "sannu"` ba tare da baka biyu ba, na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 2020, ka nemi wani. Darussan freeCodeCamp kyauta ne, haka ma CS50P na Jami'ar Harvard. Da Turanci suke, amma Turancin da kake koyarwa da shi ya wadatar. Ka zaɓi guda ɗaya ka bi shi har ƙarshe kafin ka biya kowa kuɗin horo.

Sai batun lokaci. Ka ce kakan jira Asabar ka zauna awa biyar. Asabar a Zariya ta ɗaurin aure ce da ta'aziyya, idan kuma ka tsira daga waɗannan sai a ɗauke wuta. Mako biyu suka wuce a haka, abin da ka koya ya gudu, kai kuma ka ɗora laifin a kan tsufa. Ka koma minti 45 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, da laftof ɗin da aka yi wa caji tun dare. A wata shida hakan ya kusa awa 100. Python ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke shi, kuma ranar da batir ya mutu, Pydroid 3 a wayar Android zai iya gudanar da ƙananan gwaje-gwaje irin na sama, ko da yake bugawa a waya da wahala.

Ina roƙonka kada ka ajiye aikin koyarwa saboda labarin masu karɓar albashi da dala. Akwai su, amma wannan kasuwar ta yi wa sabon shiga tsauri ko shekarunsa nawa, kuma awa 100 ba za su kai kowa can ba. Abin da za su iya kai ka shi ne manhajar da za ta karanta makin aji guda daga fayil ɗin Excel da aka adana a matsayin `.csv`, ta fitar da jimla da daraja da matsayi. Ka fara da makarantarku. Idan ta yi zango guda ba ta yi kuskure ba, kana da abin nuna wa masu makarantun kuɗi a Sabon Gari da cikin birni, mutanen da za su fi sakin jiki da malami ɗan'uwansu a kan saurayin da ba su sani ba. Idan za ka nuna aikin a waje ko ka ɗora shi a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu, ka cire sunayen ɗalibai na gaskiya ka sa na ƙirƙira, amana ce a hannunka.

A wannan makon ka ɗauko takardar sakamakon zangon da ya wuce, ka zaɓi ɗalibai biyar, ka sa a ciki har da wanda ya faɗi da wanda ya tsaya a bakin iyaka. Ka buga layukan da ke sama da hannunka, ka kammala darajojin har F9, ka gwada abin da kwamfuta ta bayar da abin da ka lissafa da biro. Inda suka saɓa, ka turo mini layukan da makin da ka shigar mu duba tare. Allah ya yi jagora, Malam.