Yadda Ake Bambance Tanadi da Alhaki Mai Jiran Tabbas a Bayanan Kuɗin Kamfani

A ƙarshen shekarar lissafi akanta yakan ci karo da wasu abubuwa da kamfani zai iya biyan kuɗi a kansu, alhali ba a san adadin ba, ko ba a san lokacin biyan ba, ko ma ba a tabbatar za a biya ba. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 37, wadda aka fitar a shekarar 1998, ta raba irin waɗannan abubuwa gida uku. Wasu ana rubuta su da adadinsu a cikin bayanin matsayin kuɗi, a jerin abin da ake bin kamfani, kuma su ne ake kira tanadi. Wasu ba a shigar da su cikin lissafin, sai dai a bayyana su a shafukan ƙarin bayani, su ne alhaki mai jiran tabbas. Wasu kuwa ba a ambatonsu ko kaɗan. Ya kamata a lura tun farko cewa tanadi a nan ba kuɗi ba ne da aka ware aka ajiye a banki. Alhaki ne da aka amince yana wuyan kamfani, wanda adadinsa ko lokacin biyansa bai tabbata ba.

Za mu bi matakan da misali guda. Wani kamfani yana ƙera injinan jawo ruwa, kuma shekarar lissafinsa tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. A cikin shekara ta farko wani mai saye ya kai kamfanin ƙara yana neman diyyar miliyan 40, bisa iƙirarin cewa injin da ya saya ya kama da wuta ya ƙone masa ɗakin ajiya. Kamfanin ya musanta, yana cewa mai sayen ne ya haɗa wayoyin lantarki ba daidai ba.

Mataki na farko: a nemo abin da ya riga ya faru

Tambayar farko ita ce ko akwai wani abu da ya auku kafin ranar rufe lissafi wanda ya ɗora wa kamfani nauyin da ba shi da hanyar kauce masa. Nauyin yana iya fitowa daga doka ko kwangila, yana kuma iya fitowa daga ɗabi'ar kamfanin, kamar idan ya daɗe yana mayar wa masu saye kuɗinsu a kan kayan da ba su gamsu da su ba har kowa ya san haka, ko da doka ba ta tilasta masa ba. A nan ne kuskure ya fi yawa, domin shugabannin kamfani suna son a yi tanadi don asarar da suke hasashen za a yi baɗi, ko don gyaran injinan masana'anta da suka shirya yi nan gaba. Ƙa'idar ta hana wannan, saboda kamfani yana iya kauce wa waɗannan kuɗaɗe ta hanyar canza shawara, ya rufe sashen ko ya sayar da injinan. Abin da za a iya gudun biyansa ta hanyar sauya tsarin aiki ba alhaki ba ne a yau.

A misalinmu sayar da injin da tashin gobarar duk sun faru a cikin shekarar. Abin da ba a sani ba shi ne ko laifin injin ne, wato ko akwai nauyi a kan kamfanin tun asali.

Mataki na biyu: a auna yiwuwar biya

Ma'aunin IAS 37 shi ne rinjaye: shin yiwuwar a biya ta fi yiwuwar kada a biya? A aikace wannan yana nufin sama da kashi 50 cikin ɗari. Idan ta haura haka, an kama hanyar tanadi. Idan ba ta kai ba amma kuma ba a ce da wuya ƙwarai abin ya faru ba, alhaki ne mai jiran tabbas. Idan kuwa yiwuwar ta yi nisa sosai, kamar ƙarar da lauyoyi suka tabbatar ba ta da tushe, ba a buƙatar bayyana ta. Ƙa'idar ba ta yanke wani kaso na wannan mataki na ƙarshe ba, ta bar shi ga hukuncin masu shirya lissafi, wanda kuma dole su iya kāre shi a gaban odita.

Akanta ba shi yake yanke wannan hukunci shi kaɗai ba. Yana neman ra'ayin lauyan kamfani a rubuce, ya duba rahoton ƙwararru da sakamakon shari'o'i makamantan wannan. A ƙarshen shekara ta farko lauyoyin kamfanin namu sun ce yiwuwar kotu ta ɗora masa laifi kusan kashi 30 cikin ɗari ce. Saboda haka ba za a rubuta ko sisi a bayanin matsayin kuɗi ba, ribar shekarar ma ba za ta ragu ba. A shafukan ƙarin bayani za a faɗi yanayin ƙarar a taƙaice, a ambaci kiyasin abin da za ta iya jawowa, a nuna abubuwan da suka sa ba a da tabbas a kan adadin ko lokacin, sannan a faɗi ko akwai yiwuwar wani ya mayar wa kamfanin kuɗin, kamar kamfanin inshora.

Akwai wata dabara da takan ja hankalin sabon akanta, ita ce ya ninka miliyan 40 da kashi 30 cikin ɗari ya rubuta tanadin miliyan 12, yana ganin ya yi taka-tsantsan. Wannan kuskure ne. Yiwuwar da ba ta kai rinjaye ba ba ta haifar da ƙaramin tanadi, ba ta haifar da tanadi sam.

Mataki na uku: a duba ko za a iya kiyasta adadin

Sharaɗi na uku shi ne a iya yin kiyasi abin dogaro. Ƙa'idar ta ce da wuya ƙwarai a kasa yin hakan, domin kusan kullum ana iya fitar da iyakar ƙasa da ta sama. Idan da gaske an kasa, abin ya koma alhaki mai jiran tabbas ko da biyan ya yi rinjaye. A ganina duk lokacin da aka ji kamfani yana fakewa da cewa ba zai iya kiyasi ba, ya dace odita ya ƙara bincike, saboda sau da yawa ƙin rage riba ne ke bayan maganar.

Mataki na huɗu: a lissafa tanadin a shigar da shi

A shekara ta biyu ƙwararren da kotu ta naɗa ya gano cewa akwai aibi a na'urar da ke kashe injin idan ya yi zafi. Yanzu lauyoyi sun ce yiwuwar shan kaye ta kai kashi 70 cikin ɗari, diyyar da ta fi kusa da tabbata miliyan 25 ce, kuma ba a sa ran biya sai bayan shekara biyu. Sharuɗɗan uku sun cika, don haka ƙarar da bara take cikin ƙarin bayani ta shigo cikin lissafi bana. Ba a komawa a gyara lissafin bara, domin hukuncin da aka yanke a lokacin daidai yake da hujjojin da ake da su.

Idan alhakin guda ɗaya ne kamar wannan, ana farawa da sakamakon da ya fi yiwuwa, wato miliyan 25 cikakke, ba kashi 70 cikin ɗari na miliyan 25 ba. Duk da haka ana duba sauran sakamakon da ke iya fitowa, kuma idan mafi yawansu sun fi wannan adadi, ana ɗaga kiyasin. Tun da biyan yana da nisa, ana mayar da adadin zuwa darajarsa ta yau idan bambancin yana da girma. Da ma'aunin ragi na kashi 10 cikin ɗari a shekara, lissafin zai kasance haka:

25 ÷ (1.10 × 1.10) = 20.66

Za a rubuta miliyan 20.66 a matsayin kuɗin da aka kashe a bayanin riba da asara, a kuma rubuta adadin a matsayin tanadi a jerin alhakin da biyansa ya wuce shekara guda. A shekara ta uku tanadin zai ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, kimanin miliyan 2.07, ya zama miliyan 22.73, kuma wannan ƙarin ana nuna shi a cikin kuɗin ruwa da makamantansa, ba a cikin kuɗin shari'a ba.

Hanyar ninkawa da kaso tana da wurinta, amma a inda abubuwan suke da yawa kuma iri ɗaya. A ce kamfanin ya sayar da injina 10,000 da alƙawarin gyara kyauta na shekara guda, kuma tarihinsa ya nuna kashi 15 cikin ɗari sukan dawo da ƙaramar matsala mai cin 2,000 kowanne, kashi 5 cikin ɗari kuma da babbar matsala mai cin 10,000. Injina 1,500 za su ci miliyan 3, injina 500 za su ci miliyan 5, tanadin ya zama miliyan 8. Kowane inji shi kaɗai ya fi yiwuwa kada ya lalace, amma ana auna rinjayen ne a kan rukunin baki ɗaya, kuma babu shakka wasu za su dawo.

Idan kamfanin yana da inshora a kan ƙarar, ba a rage tanadin da kuɗin da ake sa ran karɓa. Ana rubuta abin da inshora za ta biya a matsayin kadara ta daban, sai kuma idan samunsa ya kusa zama tabbas, kuma bai halatta ya wuce adadin tanadin ba. Ma'aunin kadara ya fi na alhaki tsanani, rinjaye kawai bai isa ba.

Mataki na biyar: a sake dubawa kafin sa hannu

Ana sake duba kowane tanadi da kowane alhaki mai jiran tabbas a kowace ranar rufe lissafi. Idan biyan ya daina yin rinjaye, ana warware tanadin ya koma cikin riba, kuma ba a amfani da tanadin ƙara wajen biyan wani abu dabam. Haka nan aikin bai ƙare a ranar 31 ga Disamba ba. A ce a watan Fabrairu bayan shekara ta uku, kafin daraktoci su amince da fitar da bayanan kuɗin, ɓangarorin biyu suka sasanta a kan miliyan 28 da za a biya nan take. Bisa ƙa'idar IAS 10, wadda ta shafi abubuwan da suka faru bayan ranar rufe lissafi, wannan sulhu hujja ce a kan nauyin da dama yana nan tun ranar rufe lissafi, saboda haka za a ɗaga tanadin shekara ta uku daga miliyan 22.73 zuwa miliyan 28, a caji bambancin miliyan 5.27 a ribar wannan shekara. Da gobarar kanta ce ta tashi a watan Fabrairu, ba za a taɓa lissafin shekarar da ta wuce ba, sai dai a bayyana lamarin a ƙarin bayani idan girmansa ya kai.

Wani lokaci lauyoyi sukan ji tsoron cewa bayyana adadin tanadi zai nuna wa abokin shari'a abin da kamfani ya shirya biya. Ƙa'idar ta ba da sassauci a yanayin da da wuya ƙwarai yake aukuwa, inda bayyanawar za ta yi wa matsayin kamfani mummunar illa a shari'ar. Sassaucin ya tsaya ga cikakken bayanin kawai: dole a faɗi yanayin rikicin a dunƙule, a faɗi cewa an ɓoye bayanin da dalilin ɓoyewar, kuma adadin tanadin yana nan a cikin jimillar alhakin da ke bayanin matsayin kuɗi.