Yadda ake nazarin labaran jarida da auna daidaiton masu sa lamba

A ce kana son sanin muryar wa jaridu suka fi ɗaukowa a labaran ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau: ta jami'an gwamnati ce, ko ta waɗanda ruwa ya ci gidajensu? "Na karanta na lura" ba hujja ba ce. Sai an ƙirga.

Da farko ka tsayar da abin ƙirgawa, misali kowane labari guda, tare da jaridun da kwanakin da za ka duba.

Sai ka rubuta kundin ƙa'idoji. Tambayar ita ce: wa aka fara ambato maganarsa? Jami'in gwamnati lamba 1, wanda abin ya shafa 2, ma'aikacin agaji 3, saura 4. Dole kowane labari ya faɗa gida ɗaya tak. A nan ake yawan tuntuɓe: mai unguwar da gidansa ya nutse, 1 ne ko 2? Ka yanke hukunci tun yanzu, ka rubuta shi da misali.

Bayan gwaji da 'yan labarai, ka ba mutum biyu labarai iri ɗaya, kowa ya sa lambobinsa ba tare da leƙen takardar ɗan'uwansa ba.

A ce labarai 50 ne, kuma don sauƙi mun taƙaita tambayar zuwa jami'i ne ko ba jami'i ba. Sun haɗu a kan "jami'i" sau 35, a kan "ba jami'i ba" sau 5, suka saɓa a 10, biyar ta kowane ɓangare. Daidaito ya kai kashi 80 cikin ɗari ke nan. Kada ka yi saurin murna. Tunda kowannensu ya ce "jami'i" sau 40, ko da canke suke yi za su haɗu a kashi 68 (0.8 × 0.8 + 0.2 × 0.2). Ma'aunin kappa, wanda Jacob Cohen ya fitar a 1960, yana cire wannan rabon na sa'a:

```
kappa = (0.80 - 0.68) / (1 - 0.68) = 0.375
```

Wannan ya yi ƙasa ƙwarai. Klaus Krippendorff, a nasa ma'aunin alfa, 0.80 yake nema kafin a dogara da sakamako.

Yanzu ka baje labarai goman nan a tebur. Galibi za ka tarar matsala guda ce ke maimaituwa, wataƙila ta masu sarautar nan, kuma laifin na kundin ne, ba na masu aikin ba. Ka gyara ƙa'idar, ka sake gwaji da sababbin labarai, domin waɗanda aka riga aka tattauna a kansu dole su daidaita.