Yadda Ake Zaɓar Jigogi Uku ko Huɗu da Za Su Ba Shafin Kamfani Kamanni Guda

Wanda ya buɗe shafin kamfani a Instagram ko Facebook ba ya karanta wallafa ɗaya bayan ɗaya, yakan ja allon sama sau biyu ko uku ne kawai, sannan ya yanke wa kansa hukuncin abin da za a riƙa ba shi idan ya bi shafin. Idan ya tarar yau talla, gobe barkwanci, jibi hoton ma'aikata, babu abin da zai riƙe. Maganin wannan shi ne jigogi, wato 'yan batutuwa ƙalilan waɗanda shafin ke komawa kansu a kai a kai. Domin bayanin ya zauna sosai, bari mu ɗauki misalin ƙaramin kamfani mai sayar da kekuna da gyaransu, wanda yake wallafawa sau huɗu a mako.

Dalilin tsayawa a kan uku ko huɗu lissafi ne kawai. Wallafa huɗu a mako tana ba da 16 a cikin mako huɗu. Idan jigogin huɗu ne, kowanne zai iya fitowa kusan sau ɗaya a mako, amma idan aka kai su takwas, kowanne sai bayan mako biyu, alhali kuwa ba kowace wallafa ce manhajar ke nuna wa kowane mabiyi ba, don haka mutum na iya shafe wata guda bai sake ganin jigon da ya ja shi ba. Jigo biyu kuma saurin gundura suke yi, kuma mai rubutun ne farkon wanda zai gaji.

Mataki na farko shi ne tattara abin da ke hannu. Ka ɗauko wallafe-wallafe 30 na baya-bayan nan, ka rubuta kowace a layi ɗaya tare da adadin waɗanda suka ajiye ta da waɗanda suka tura wa wasu, alƙaluman da asusun kasuwanci ke nunawa a sashen Insights. A ganina waɗannan biyun sun fi yawan masu danna alamar so amfani, domin wanda ya ajiye wallafa yana da niyyar komawa kanta. Bayan haka ka ƙara tambayoyin da abokan ciniki suke yawan yi a saƙonni da kuma baki da baki, da kalmominsu, ba tare da ka gyara ba: "Me ya sa kacata ke zamewa?", "Wane girman keke ne ya dace da yaro ɗan shekara bakwai?", "Wannan tayar za ta ƙara ɗaukar faci?"

Mataki na biyu shi ne rarraba layukan nan kashi-kashi bisa ga buƙatar da kowanne ke biya wa mai karatu. A nan ne aka fi yin kuskure, domin da yawa sukan rubuta "bidiyo" ko "hotuna" a matsayin jigo, alhali waɗannan siga ce ta gabatarwa. Bidiyon ɗaure birki da hoton da ke nuna tayar da ta cinye duk jigo ɗaya ne, wato gyara. A misalinmu, a ce an samu kashi shida: gyaran da mutum zai iya yi da kansa, zaɓen keke, labaran masu hawa, aikin makanikai a wurin gyara, sanarwar ragin farashi, da gaisuwar ranakun hutu.

Mataki na uku ne ya fi bukatar lokaci, wato tankaɗe da rairaya. Ka zauna da kowane kashi ka gwada rubuta masa kanu goma mabambanta a cikin minti goma sha biyar. Gyara zai wuce cikin sauƙi: tsaftace kaca, daidaita birki, auna iskar taya, ɗaga sirdi daidai tsayin mai hawa, gano inda ƙara ke fitowa, da sauransu. Gaisuwar ranakun hutu kuwa a kai na uku ko na huɗu za ta tsaya, kuma wannan tsayawar ita ce shaidar cewa ba za ta iya ɗaukar shafi tsawon shekara ba. Sai gwaji na biyu, wanda ya fi tsauri: ka rufe tambarin kamfanin da yatsa, ka tambayi kanka ko wani kamfani daban zai iya wallafa abin nan yadda yake ba tare da ya canza komai ba. Gaisuwa ta sake faɗuwa a nan, haka ma ragin farashi, amma hoton makanikinku yana buɗe cibiyar ƙafar keke ba wanda yake da shi sai ku. Gwaji na uku shi ne na ƙarfin aiki. Labaran masu hawa suna da daɗin karantawa, sai dai kowanne yana buƙatar a nemi mutum, a samu izininsa, a ɗauki hoto, saboda haka idan mutum ɗaya ne ke kula da shafin, a bar jigon amma a rage masa kaso. Abin da ya rage huɗu ne: gyara, zaɓen keke, wurin aiki, da labaran masu hawa. Ragin farashi bai ɓace ba, ya koma ƙarƙashin zaɓen keke, inda ake ambatarsa lokacin da ake bayanin keken da ya dace da wane.

Daga nan sai a rubuta wa kowane jigo jimla ɗaya mai faɗin wanda ake yi wa, da abin da zai samu, da inda iyakar take. Misali: "Gyara: ayyukan da mai keke zai iya gamawa a gida cikin minti goma da kayan aikin da yake da su, duk abin da ke buƙatar kwance cibiya ko giya ba ya ciki." Wannan iyakar ce ke raba gardama ranar da wani a kamfanin ya kawo shawarar da ba ta dace da ko'ina ba.

Rabon jadawali ba dole ya zama daidai wa daida ba. Daga cikin 16, gyara zai iya ɗaukar shida, zaɓen keke huɗu, wurin aiki huɗu, labarai biyu. Kowane jigo kuma a ba shi alama guda da ba ta canzawa, kamar launin bango ɗaya ga gyara, ko ɗaukar hotunan wurin aiki daga kusurwa ɗaya, yayin da salon haruffa da muryar rubutu suke zama iri ɗaya a duka huɗun. Tun da Instagram na jera wallafe-wallafe uku-uku a layi, wasu masu jigo uku sukan so kowane jigo ya riƙe jerinsa daga sama har ƙasa. Yana da kyan gani, amma wallafa ɗaya ta gaggawa takan goce da tsarin baki ɗaya, kuma yawancin mabiya ɗaya-ɗaya suke cin karo da wallafe-wallafen, don haka ban ga ya cancanci wahalar ba.

Kada a taɓa jigogin sai bayan mako goma sha biyu, lokacin da an yi wallafa 48 kuma ko jigon da ya fi ƙarancin kaso ya fito sau shida. Sannan a kwatanta kowane jigo da ma'aunin da ya dace da aikinsa: gyara da yawan ajiyewa, zaɓen keke da saƙonnin neman bayani, labarai da yawan turawa. Idan an ga wallafe-wallafe da dama da aka rasa jigon da za a saka su, ko dai iyakokin sun yi tsauri, ko kuma ba a bin jadawalin. Idan kuma jigogi biyu suna yawan rigima a kan wallafa ɗaya, to asali jigo ɗaya ne, a haɗe su. In har sauyi ya zama dole, a canza jigo ɗaya tak a bar sauran ukun yadda suke, domin ta haka ne za a gane ko sabon jigon ne ya jawo bambancin da aka gani a zagaye na gaba.