Darasi: Daidaita Sama da Ƙasa a Cikin Sutura

Sau da yawa mutum yakan sayi yadi mai tsada a babbar kasuwar Maraɗi, ya kai wa tela wanda ya san aikinsa, a yi ɗinki babu karkata ko kaɗan, amma idan ya sa kayan sai ya ga ba su karɓe shi ba. Wani ya ɗora wa tela laifi, wani ya ce yadin ne bai yi ba. A mafi yawan lokaci matsalar tana cikin rabon da aka yi wa jiki, wato yawan yadin da aka ɗora a sama idan aka kwatanta shi da na ƙasa, da kuma wurin da rigar ta tsaya. Wannan darasi zai koya mana yadda ake auna wannan rabo da igiyar awo tun kafin almakashi ya taɓa yadi.

Mu fara da babbar riga, domin kowa ya san ta. Faɗinta yakan kai daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu, sai mai ita ya naɗe ta a kafaɗa, yadin ya taru a sama ya yi nauyi. Idan aka duba ƙasa, za a ga bakin wandon ya tsuke a idon sawu. Wannan tsukewa ita ce take nuna wa mai kallo ainihin girman mutumin da ke cikin rigar, hula kuma ta ƙara masa tsawo daga sama. Da a ce bakin wandon ya buɗe kamar yadda rigar ta buɗe, da mutumin ya ɓace a cikin yadi, a ga tufa tana tafiya ba a ga mai ita ba. Ƙa'idar farko ke nan: idan sama ta cika, a rage ƙasa, idan kuma ƙasa ta buɗe, a kwantar da sama. Ragewa ba ta nufin matsewa. Wando ko siket yana iya sauka a miƙe, da isasshen fili na zama da ruku'u da hawa babur, ba tare da ya baje ba kuma ba tare da ya bayyana surar jiki ba.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi tsawo, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Duk inda bakin riga ya tsaya, ya ja layi a kwance wanda ya raba jiki gida biyu. Idan gidajen biyu suka yi daidai da juna, mutum yakan fito gajere kuma mai faɗi, domin ƙafafunsa sun zama kamar an datse su. Idan ɗaya ya ninka ɗaya, wato kashi ɗaya a sama da kashi biyu a ƙasa, ko kashi biyu a sama da kashi ɗaya a ƙasa, ido yakan bi dogon gidan ya ga tsawo.

Ga misali daga wurin ɗinkinmu. Wata baiwar Allah ta kawo kayan da aka ɗinka mata na bikin ƙanwarta, tana cewa tun da ta sa su sau ɗaya ba ta sake marmarinsu ba. Atamfa ce turmi guda, yadi 6, mai manyan furanni. An yi rigar da hannu mai kumbura, an tattara bakinta ya buɗe kamar laima, siket ɗin kuma ya buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa. Tsawon matar santimita 156 ne. Da muka ɗora igiyar awo daga kafaɗarta, kusa da wuya, zuwa ƙasa, muka samu santimita 130. Muka auna rigar, sai ga ta santimita 65, wato rabin 130 cif. Bakinta mai tattara ya sauka a saman cinya, kusa da wurin da jikinta ya fi faɗi, ga kuma babban fure an yanko shi ya zauna a daidai nan. Kumburi uku ne a jere, a kafaɗa da ƙugu da ƙasan siket, babu wuri ɗaya da ido zai huta.

Na ce mata, "Hajiya, ɗinkin ba shi da laifi, lissafin ne ya kauce. Mu raba 130 gida uku." Muka raba, kowane gida ya tashi kusan santimita 43. Wannan ya ba mu tsawo biyu da za a zaɓa. Riga mai santimita 43 za ta tsaya kaɗan ƙasa da ƙugu, ta bar santimita 87 ga siket, kuma irin wannan gajeriyar riga mai kwantaccen hannu ita ce take ɗaukar siket mai buɗewa. Riga mai santimita 87 kuwa za ta sauka har gwiwa, ta bar santimita 43 kawai a ƙasa, don haka tana buƙatar zane ko siket miƙaƙƙe. Ta ce, "Malam, ni dai ba zan sa rigar da ba ta rufe mini baya ba." Wannan magana ce mai kyau, kuma lissafi bai isa ya ture ta ba, saboda haka muka ɗauki tsawo na biyu.

Tun da an riga an yanka atamfar, gyara muka yi. Muka farke tattarar bakin rigar, muka cire ta, muka ɗinka wa gangar rigar yadi marar zane mai kalar da ta fi duhu a cikin atamfar, ya sauka a miƙe har tsawon ya kai santimita 87, da tsaga a gefe biyu domin tafiya. Siket ɗin muka rage masa buɗewar ƙasa ya zama miƙaƙƙe. Hannu mai kumbura muka bar shi yadda yake, domin yanzu shi kaɗai ne wurin da ya cika, kuma yana kusa da fuska. Da ta tsaya gaban madubi, abin da ta fara faɗa shi ne ta ga kamar ta ƙara tsawo, alhali takalmin da ta zo da shi ne a ƙafarta.

Ba dole ba ne awon ya faɗa daidai kan santimita. Bambancin santimita 3 ko 4 ba ya ɓata komai, kuma idan lissafin ya kawo bakin riga kan wurin da jiki ya fi faɗi, a ɗaga shi ko a sauke shi kaɗan. Haka nan, idan riga da zane na yadi ɗaya ne mai ƙananan zane, layin da ya raba su ba ya fitowa sosai, sai a samu sassauci. Layin yana ƙarfi ne idan kalar sama da ta ƙasa sun yi hannun riga, kamar farar riga a kan baƙin siket. Namiji ma lissafinsa ɗaya ne. Idan daga kafaɗarsa zuwa ƙasa santimita 141 ne, kashi biyu cikin uku ya zama 94, wato kaftani da ya sauka wajen gwiwa. Jamfar da ta tsaya a santimita 70 kuwa ta raba shi biyu, musamman idan yana da tumbi.

Yanzu sai batun inda ido yake sauka. Mai kallo ba ya ganin kaya gaba ɗaya a lokaci guda, akwai wurin da idonsa yake fara faɗawa, kuma wurin yakan kasance inda ya fi haske, ko ya fi ƙyalli, ko ya fi yawan aiki, ko inda kala biyu suka haɗu. Masu aikin babbar riga sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa aska biyu da aska takwas suke zama a ƙirji da gefen wuya, su ja ido zuwa sama inda fuska take. Mai ɗinki yana da ikon zaɓar wannan wuri, kuma a ganina wuri ɗaya ya isa. Idan aka zuba duwatsu masu ƙyalli a wuya, aka zuba a bakin hannu, aka sake zubawa a bakin riga da bakin siket, an kashe kuɗi an kuma raba hankalin mai kallo gida huɗu. Wadda kafaɗarta ta fi ƙugunta faɗi tana iya kwantar da hannun riga ta bar siket ya ɗan buɗe. Wadda ƙugunta ya fi faɗi sai ta kai haske da aiki wajen wuya, ta sa kala mai duhu a ƙasa. Babban fure kuma a gaya wa tela tun kafin yanka inda ake so ya zauna, domin bayan yanka ba ya matsawa.

Akwai abu biyu da suke ƙara cika ba tare da an ƙara yadi ba, kuma ana yawan mantawa da su. Na farko taurin yadi ne. Shadda sabuwa wadda ta sha bugu tana tsayawa nesa da jiki, leshi mai kauri ma haka, amma yadi mai laushi yana zubowa ƙasa. Faɗin da ya yi daidai a yadi mai laushi zai yi yawa a shadda, don haka tattarar da aka yi wa wancan sai a rage ta a wannan. Na biyu shi ne abin da aka ɗora a kai. Babban ɗaurin kallabi yana shiga lissafin sama, kuma yana dacewa da bubu mai faɗi domin yana hana kai ya yi ƙanƙanta a kan yadi mai yawa, amma idan aka haɗa shi da hannu mai kumbura a jikin gajeriyar mace, sai wuya ya nutse. Hijabi kuwa, idan an fita da shi, bakinsa ne ya zama layin da ke raba jiki. Wanda ya sauka gwiwa ko ƙasa da haka ya riga ya ɗauki kashi biyu, saboda haka abin da ya rage a ƙasa ya fi kyau a miƙe.

Aikin da kowa zai yi kafin haɗuwa ta gaba shi ne wannan. Ɗalibai su haɗu biyu-biyu, mace da mace, namiji da namiji, kowa ya auna ɗan'uwansa daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya rubuta lambar a littafi, ya raba ta gida uku, ya kuma rubuta kashi ɗaya da kashi biyu. A gida, kowa ya ɗauko rigar da ya fi so da wadda ya daina sawa, ya auna tsawon kowace, ya rubuta kusa da lambobin farko. Daga nan ya sa su ɗaya bayan ɗaya, ya ja baya taku huɗu daga madubi, ya runtse ido kaɗan har zanen yadin ya dushe, ya lura da wurin da ya fara gani. Wanda ba shi da dogon madubi, a ɗauke shi hoto da waya, amma mai ɗauka ya riƙe wayar daidai ƙugun wanda ake ɗauka, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana gajarta ƙafafu ya ɓata awon. A zo da lambobin da rigunan biyu aji.