Kurakuran da aka fi yi idan aka tambaye ka albashin da kake so tun ba ka san aikin ba

Na gaji da ganin masu neman aiki suna yanka wa kansu farashi tun a kiran waya na farko. Mai ɗaukar ma'aikata ya kira, an gaisa, ko minti goma ba a yi ba sai ya ce, "Nawa kake sa ran a biya ka?" Mutum sai ya yi caraf ya faɗi adadi, alhali sunan muƙamin kaɗai ya sani.

Wannan kuskuren ya taɓa ci na, kuma har yau yana yi mini ciwo. Wata mata ta kira ni daga wani kamfani, ta yi mini wannan tambaya. Na ɗauki albashina na lokacin, na ɗora masa kashi 20 cikin ɗari, na faɗa mata. Ina jin ƙarar madannanta tana rubutawa, ta ce, "To madalla, babu matsala." Saurin amincewar nan ya kamata ya farkar da ni, domin wanda ya karɓi tayinka ba ko ja, ya san abin da ya tanada ya fi haka. Sai a ganawa ta uku na ji cewa zan kula da mutum huɗu, ga zaman jiran kira a ƙarshen mako, kuma aikin ya kai sa'a 50 a mako maimakon 40 da na saba. Yi lissafin da kanka. Idan tsohon albashina 100 ne a kan sa'a 40, kowace sa'a ta tashi 2.5. Sabon kuwa 120 ne a kan sa'a 50, wato 2.4. Nauyi ya ƙaru, kuɗin sa'ata ya ragu. Da na nemi a gyara, sai manajan ya juyo mini da takarda, ya nuna adadin da yatsa, ya ce, "Ai kai ka faɗa."

Ku sani, adadin da kuka furta ba a iska yake tafiya ba. Rubuta shi ake yi a fayil, a miƙa wa wanda zai sa hannu, kuma daga kansa za a fara ciniki. Ƙarin shekara ma yawanci kaso ne na wannan tushe, don haka ƙarancin yana bin mutum shekara da shekaru.

Abin da nake yi yanzu shi ne mayar da tambayar cikin ladabi. Nakan ce, "Ranki ya daɗe, ina so in ba ku amsa ta gaskiya, amma ban san girman aikin ba tukuna. Nawa kuka ware wa wannan muƙami?" Galibi akwai iyakar ƙasa da ta sama da aka amince da su tun kafin a tallata gurbin, kuma da yawa za su faɗa idan an tambaya kai tsaye. Daga nan sai in nemi sanin abu uku: mutum nawa ne a ƙarƙashina, sa'a nawa ake yi a zahiri, da kuma ko gurbin mutum ɗaya zan cike ko na biyu aka haɗe.

Idan ta matsa, ba na yin gardama, don ƙin amsawa sau uku yana sa a ɗauke ka mai taurin kai. Sai in ba da tsakanin kaza da kaza, in ɗaura masa sharaɗi: "Wannan bisa abin da ke cikin tallan ne. Idan aikin ya wuce haka, za mu sake magana." Bayan an ajiye waya nakan tura wannan jumlar a imel, don ta shiga fayil tare da adadin.

A nan ne kuskure na biyu yake, kuma yana ba ni haushi ƙwarai. Mutum yana son 150, sai ya ce "tsakanin 120 da 150" wai don kada a ce ya cika son kuɗi. Haba! Kunnen mai biya na ƙasan yake ji. Ka riga ka shaida masa cewa 120 ta ishe ka, don me zai ba ka 150? Adadin da za ka karɓa da farin ciki shi za ka sa a ƙasa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ce "ko nawa ne zan karɓa". Ka fayyace ko kafin cire haraji kake nufi ko bayansa, na wata ko na shekara. Kada ka faɗi tsohon albashinka ba a tambaye ka ba. Idan kuma fom ne na intanet da ya ƙi wucewa sai an sa lamba, ni na saman nake sawa, sannan in rubuta a gurbin ƙarin bayani cewa adadin zai iya canjawa bayan na ga cikakken jadawalin aikin.