Babi na Shida: Harafin Saura da Harafin Rara

Hanyar simfileks, wato hanyar lissafin nemo riba mafi yawa ba tare da saɓa sharuɗɗa ba, wadda George Dantzig ya fito da ita a shekarar 1947, ba ta aiki da sharaɗin da ya ce "kada ya wuce kaza" ko "kada ya gaza kaza", domin tana buƙatar ɓangarorin lissafi biyu su yi daidai wa daida kafin a jera su a jadawali. Aikin farko ke nan na ɗalibi, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe.

A ce wani kafinta yana da katako 40, yana ƙera tebura da kujeru, tebur yana cin katako 4, kujera tana cin 2. Idan x ne yawan tebura, y kuma yawan kujeru, sharaɗinsa shi ne 4x + 2y ≤ 40. Ba dole ba ne ya ƙarar da katakon, saboda haka sai mu ba abin da ya rage harafi, wato s₁, mu haɗa shi da ɓangaren hagu:

4x + 2y + s₁ = 40

Wannan shi ne harafin saura. Idan ya ƙera tebura 5 da kujeru 8, ya ci katako 36, s₁ ya zama 4, katakai huɗu ke nan da ke jingine a shago.

Yanzu a ce ya yi wa mai saye alkawarin kujeru aƙalla 6, wato y ≥ 6. A nan ɓangaren hagu ne zai iya yin yawa, don haka ɗebewa ake yi:

y − s₂ = 6

Da kujeru 8, s₂ ya zama 2, rarar da ta hau kan alkawari. Kowane sharaɗi da harafinsa, ba a haɗa biyu a kan harafi ɗaya, kuma babu harafin da aka yarda ya yi ƙasa da sifili. A lissafin riba ana sa musu sifili, tunda katakon da ke jingine bai kawo wa kafinta ko kwabo ba.

Ina so ɗalibi ya tsaya a wannan gaɓa ya lura da kyau. Simfileks yana farawa ne daga inda ba a ƙera komai ba, wato x = 0 da y = 0. A sharaɗin katako, s₁ zai zama 40, kuma hakan gaskiya ne, katakon duka yana nan. Amma a sharaɗin alkawari, s₂ zai fito −6, abin da aka hana, wanda ke nuna cewa zama hannu rabbana ya saɓa alkawarin. Maganinsa shi ne a ƙara harafin wucin gadi, a:

y − s₂ + a = 6

Sai a fara da a = 6 da s₂ = 0, sannan a ɗora wa harafin a tara mai nauyi a lissafin riba domin hanyar ta kore shi zuwa sifili. Idan aka gama lissafi ya ƙi sauka sifili, alama ce sharuɗɗan sun ci karo da juna, kamar a ce an yi alkawarin kujeru 25 alhali katako 40 ba zai fitar da fiye da 20 ba.