Yadda ake juya minti a kilomita zuwa minti a mil da kuma kilomita a awa

Agogon hannuna yana nuna min 5:45 idan ina sassarfar safe, wato minti 5 da sakan 45 nake ɗauka kafin na cinye kilomita ɗaya. Jadawalin atisayen da wani abokina ya turo min daga Amurka kuwa da mil aka rubuta shi. Injin gudu na ɗakin motsa jikin da nake zuwa a lokacin damina shi kuma bai san wannan ba bai san wancan ba, lamba ɗaya yake nema: kilomita nawa a awa. Gudu ɗaya ne, amma ana faɗinsa ta hanya uku, kuma na sha wuya kafin na iya haɗa su.

Ranar farko da na hau injin, na ciro waya na raba 60 da 5.45, kalkuleta ta ba ni 11, na danna 11. Ban kai minti ashirin ba numfashina ya fara sarƙewa, gumi ya jiƙa riga sharkaf, ina ta mamakin abin da ya same ni alhali gudun da na saba ne. Ashe ba shi ba ne. Kuskuren yana cikin wannan 5.45 ɗin, kuma shi ne tarkon da kusan kowa yake faɗawa.

Fara da mayar da komai sakan

Minti ɗaya sakan 60 ne, ba 100 ba. Kalkuleta kuwa duk abin da ya zo bayan ɗigo da kashi ɗari take lissafa shi. Idan ka rubuta mata 5.45, ta ɗauka minti biyar ne da kashi 45 cikin ɗari na minti, wato sakan 27 kacal. Ka ga ke nan ka ce mata 5:27 ba tare da ka sani ba. Minti 5 da sakan 45 a harshen kalkuleta 5.75 ne, domin sakan 45 kashi uku ne cikin huɗu na minti.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ka rabu da ɗigo gaba ɗaya. Ninka mintocin sau 60, ka ƙara sakannin:

```
(5 × 60) + 45 = 345
```

Sakan 345 ke nan a kowace kilomita. Da wannan lambar za mu yi duk sauran aikin, saboda haka ka rubuta ta a gefe.

Daga kilomita zuwa mil

Mil ɗaya kilomita 1.609344 ne daidai, ba ƙari ba ragi, tun yarjejeniyar 1959 da ƙasashe masu amfani da yadi da mil suka yi a tsakaninsu. Iyayenmu da mil suka san nisa, har yau ma a Kano akwai Mil Tara, sai dai mu da muka tashi da kilomita mukan manta wanne ya fi tsawo. Mil ya fi tsawo, ya haura kilomita ɗaya da rabi. Tunda ya fi tsawo, dole ya fi cin lokaci. Don haka ninkawa za ka yi, ba rabawa ba:

```
345 × 1.609344 = 555.2
```

Yanzu a mayar da sakan 555 zuwa minti. Sittin sau tara 540 ne, ragowar 15. Amsa ita ce 9:15 a kowane mil.

Ga inda tarkon yake sake ɗanuwa a hanyar dawowa. Idan ka raba 555.2 da 60 a kalkuleta za ta nuna maka 9.25 da 'yan lambobi. Kada ka karanta shi a matsayin 9:25. Ɗauki 9 ka ajiye, ka ninka abin da ke bayan ɗigon sau 60: 0.25 sau 60 ya ba da 15. Sakan goma tsakanin 9:15 da 9:25 ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake bin jadawali.

Da a ce ka ninka 5.45 kai tsaye da 1.609, da ka samu 8.77, kuma babu agogon da yake nuna sakan 77. Wannan kuskuren yana da kirki, domin yana tona kansa. Wanda na fi tsoro shi ne irin na 5:30. Ka ninka 5.30 da 1.609, ka samu 8.53, ka karanta 8:53, alhali amsar gaskiya 8:51 ce. Sun yi kusa, sai mutum ya ɗauka hanyarsa daidai ce, ya ci gaba da ita har ranar da za ta kayar da shi.

Idan kana kan hanya babu waya a hannu, akwai dabarar da nake yi da ka. Ɗauki sakannin, ƙara rabinsu, ƙara kashi ɗaya cikin goma, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin ɗari. Ga 345: rabinsa 172.5, kashi ɗaya cikin goma 34.5, jimla 552, a ɗora 3 da ɗan wani abu, an dawo 555. Wannan ninkawa ce da 1.61, kuma ta wadatar.

Wasu sukan tsaya a 1.6 su huta. A sassarfar yau da kullum babu laifi, sakan uku ne bambancin: 9:12 maimakon 9:15. Amma ga mai shirin gudun fanfalaki, wanda tsawonsa kilomita 42.195 ne ko mil 26.2, sakan ukun nan suna taruwa su kusa minti ɗaya da rabi. Mai son ya gama kafin awa huɗu, misali, yana bukatar 5:41 a kilomita, wato 9:09 a mil, kuma a wannan gaɓar kowane sakan abin lissafi ne. Irin wannan giɓin ne yake a filin wasa: zagaye huɗu na layin ciki mita 1600 ne, saura mita tara da ɗoriya mil ya cika.

Idan jadawalin ne ya zo da mil kana son kilomita, juya aikin kawai. An ce ka yi 8:00 a mil, sakan 480 ke nan, ka raba da 1.609344, ka samu 298, wato 4:58 a kilomita. Alamar da za ka riƙe a koyaushe: lokacin mil dole ya fi na kilomita yawa. In ka ga akasin haka, ka raba ne a inda ya kamata ka ninka, ko ka ninka a inda ya kamata ka raba.

Daga minti a kilomita zuwa kilomita a awa

Wannan tambaya ce daban. Ɗazu muna tambaya ne lokaci nawa kilomita ɗaya take ci. Yanzu tambayar ita ce, kilomita nawa za su shiga cikin awa ɗaya? Awa ɗaya sakan 3600 ce, kowace kilomita tana cin 345, sai a raba:

```
3600 ÷ 345 = 10.43
```

Kilomita 10.43 a awa. Wannan ce lambar da ya kamata na danna ranar, ba 11 ba. A ido bambancin kamar ba komai, amma a tseren kilomita goma kusan minti uku ne: 57:30 da 54:33. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rage minti uku daga lokacinsa na kilomita goma ya san aikin watanni ne, ni kuma na nemi jikina ya yi shi a safiya ɗaya.

A nan ɗigon na gaske ne, 10.43 ɗin a bar shi yadda yake, domin kilomita da kashi goma-goma ake raba ta. Yawancin injinan gudu lamba ɗaya suke karɓa bayan ɗigo, saboda haka zaɓinka 10.4 ne ko 10.5. Don ka san abin da kowanne yake nufi, sake raba 3600 da shi: 10.4 ya ba da sakan 346, wato 5:46, shi kuma 10.5 ya ba da 343, wato 5:43. Ni 10.4 nake dannawa.

Kafin ka danna komai, dubi fuskar injin da kyau ka ga ko km/h aka rubuta ko mph, wato kilomita a awa ko mil a awa. Injinan da aka shigo da su na hannu daga Amurka galibi a mil suke zuwa. A irin wannan injin 10.43 ɗinka ya zama 6.5, bayan ka raba da 1.609344. In ka yi kuskure ka danna 10.4 a injin da yake kan mil, ka nemi kilomita 16.7 a awa ke nan, kimanin 3:35 a kilomita, kuma bel ɗin zai iya watso ka ta baya. Fara a hankali ka riƙa ƙarawa, ƙafarka za ta gaya maka idan lambar ta yi ƙarya.

Abin da ya sa lambobin ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa

Tsakanin kilomita da mil dangantakar miƙaƙƙiya ce: duk sakan goma da ka rage a kilomita, ka rage kusan 16 a mil, ko kana sauri ko kana jan ƙafa. Tsakanin minti da kilomita a awa ba haka ba ne, tunda rabawa ake yi. Wanda ya sauko daga 6:00 zuwa 5:30 ya tashi daga 10 zuwa 10.9, ƙarin bai kai kilomita ɗaya ba. Wanda ya sauko daga 4:00 zuwa 3:30, sakan talatin ɗin dai ne, amma ya tashi daga 15 zuwa 17.1, ƙarin ya haura biyu. Shi ya sa ba za ka haddace cewa sakan kaza daidai yake da danna maɓalli sau kaza ba. Kowane gudu da nasa lissafin.

Haka ma wajen fitar da matsakaici. Ka yi kilomita biyar a 5:00, wasu biyar a 6:00, wato 12 da 10 a awa. Zuciya za ta ce matsakaicin 11 ne. A'a. Ka ɓata minti 25 da minti 30, jimla 55 a kilomita goma, wato 5:30, wanda yake 10.9. Sashen da ka yi a hankali ya fi cin lokaci, don haka ya fi jan lissafin ƙasa. Idan nisan sassan ɗaya ne, fitar da matsakaicin mintocin tukuna, sannan ka juya.

Gwada hannunka da wannan. Ranar 12 ga Oktoban 2019 a birnin Vienna, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama kilomita 42.195 cikin 1:59:40, a gudu na musamman da aka shirya masa wanda ba a sa shi cikin kundin bajinta na hukuma ba. Lokacin nan sakan 7180 ne. Raba shi da 42.195, za ka samu 170, wato 2:50 a kilomita. Ninka 170 da 1.609344 ka samu 274, wato 4:34 a mil. Raba 3600 da 170 ka samu 21.2 a awa. In naka ya fito haka, hannunka ya faɗa, sai ka ɗauko lambar da ke kan agogonka ka yi mata irin wannan aikin.